Katan Nawa Za a Saro? Jagorar Lissafin Oda Daga Littafin Ciniki da Kwanakin Dila

Mai shagon da ke sayar da kayan masarufi a gari irin Malumfashi, wanda yake saro kaya daga Kasuwar Singa a Kano, yana fuskantar tambaya ɗaya duk lokacin da ya ɗauki waya zai kira dilansa: katan nawa zai ce a loda masa? Da yawa suna amsa ta da ido. Su leƙa sito, su ga wuri ya fara haske, su ce a aiko da irin na wancan karon. Wannan yana yin aiki har zuwa ranar da mota ta makara kwana biyu, ko ranar da aka tashi aka ga jari ya kwanta a cikin kayan da ba su motsi alhali sukari ya ƙare. Lissafin da ke hana haka bai fi ƙarfin biro da littafi ba. Zan bi shi da kaya guda ɗaya, wato taliya, mai leda 20 a katan, a shagon da ke buɗewa kwana bakwai a mako yana sayar wa ƙananan masu tireda da masu abinci katan-katan. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an sa su domin a ga yadda lissafin yake tafiya, kowa sai ya maye su da nasa.

Mataki na farko: fitar da cinikin rana daga littafi

Abin da ake nema a nan shi ne adadin katan da ke fita a rana ɗaya idan kasuwa tana yadda ta saba. A ɗauki makonni takwas na baya-bayan nan. Ƙasa da haka, mako guda mai kyau ko maras kyau zai ja lissafin gefe. Fiye da haka da yawa, sai a shigo da cinikin da aka yi a wani farashi da wani yanayi da suka riga suka wuce. Wanda ba ya rubuta ciniki kullum bai rasa hanya ba muddin yana da rasit ɗin sari kuma yana ƙirga sito: abin da ke ciki a farkon mako, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da ya rage a ƙarshen mako, sauran shi ne ya fita.

A shagonmu littafi ya nuna katan 64, 72, 60, 78, 40, 71, 114 da 76. Kafin a tara su a raba, dole a tsaya a kan makonni biyu da suka fita daban, na biyar da na bakwai, a tambayi abin da ya faru.

A mako na biyar an sayar da katan 40 ne kawai, amma ba don masu saye sun janye ba. Taliya ta ƙare a rana ta huɗu, shagon ya kwana uku yana ce wa mutane babu. Littafi yana rubuta abin da aka sayar, ba ya rubuta wanda ya zo ya koma hannu rabbana, saboda haka duk makon da kaya ya yanke yana nuna ciniki ƙasa da ainihin buƙata. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama masu shago, domin yana ciyar da kansa: kaya ya yanke, littafi ya nuna ciniki kaɗan, a yi oda kaɗan, kaya ya sake yankewa. Gyaran shi ne a raba abin da aka sayar da kwanakin da kayan ke nan. Katan 40 a kwana huɗu shi ne goma a rana, wato da kayan bai ƙare ba makon zai kai 70. Sai a rubuta 70 a gefen 40 ɗin. Yana da kyau yaron shago ya riƙa sa alama a littafi duk ranar da wani kaya ya ƙare, don ba wanda zai iya tuna haka bayan wata biyu.

A mako na bakwai kuwa, daga cikin 114 ɗin akwai katan 45 da mutum ɗaya ya kwasa saboda biki. Irin wannan ciniki ba ya maimaituwa bisa tsari, kuma yawanci mai shi yakan faɗa tun da wuri, ana iya yi masa oda ta daban. A cire shi, makon ya koma 69. Sai dai a yi hattara wajen cirewa: idan mai abincin da ke ɗaukar katan 15 duk ƙarshen wata ne, wannan ciniki ne na yau da kullum, barinsa za a yi.

Bayan gyara, jerin ya zama 64, 72, 60, 78, 70, 71, 69 da 76. Jimillarsu 560, a raba takwas ya ba da 70 a mako, a raba bakwai ya ba da katan 10 a rana. Wanda ya tara alƙaluman ba tare da gyara ba zai sami kusan 72 a mako, ya ga kamar wahalar banza aka sha. Dace ne kawai aka yi kuskuren biyu suka kusa share juna. Inda ɓarnar take shi ne a tazarar da ke tsakanin mako mafi ƙanƙanta da mafi girma: ba tare da gyara ba ciniki yana lilo daga 40 zuwa 114, bayan gyara daga 60 ne zuwa 78. Wannan tazarar ce za ta yanke yawan kayan da za a ajiye don ko-ta-kwana nan gaba, kuma wanda ya yi amfani da 114 zai tara kayan da ba ya buƙata.

Mataki na biyu: auna kwanakin dila yadda suke, ba yadda ya faɗa ba

Daga Kano zuwa Malumfashi ta hanyar Gwarzo da Dayi tafiyar sa'o'i kaɗan ce, shi ya sa mai shago yakan ɗauka kayansa na iya zuwa gobe. Amma kwanakin da ake ƙirgawa suna farawa ne daga ranar da aka yanke shawarar yin oda, suna ƙarewa ranar da kayan ya shiga sito aka ƙirga shi, ana iya sayarwa. A tsakani akwai haɗa kuɗi, da tura su, da jiran dila ya ga alat, da jiran nasa kayan idan shi ma kamfani bai sauke masa ba, da 'yan dako, da abin da ya fi cin lokaci, wato jiran motar da ke ɗaukar kayan mutane da yawa ta cika. Odar da aka bayar ranar Alhamis da yamma takan ci karo da Juma'a, ta kwana ba a taɓa ta ba.

Dila zai ce kwana biyu, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, yana faɗin ranar da komai ya tafi daidai ne. Abin dogaro shi ne a rubuta kwanan wata biyu a bayan kowane rasit, ranar kira da ranar sauke kaya. A shagonmu oda shida na baya sun ɗauki kwana 4, 5, 3, 7, 5 da 6. Matsakaicinsu kwana 5 ne, mafi tsawonsu kwana 7. Duka alƙaluman biyu za a riƙe. Idan shago yana saye daga dila biyu, kowanne da nasa lissafin, ba a gauraya su.

Mataki na uku: kayan ko-ta-kwana

Idan komai ya tafi bisa matsakaici, katan 10 a rana cikin kwana 5 na jira yana cin katan 50. Amma matsakaici yana nufin kusan rabin lokaci abin zai wuce haka, don haka wanda ya ajiye 50 cif zai riƙa yankewa kusan sau ɗaya a kowace oda biyu. Kayan ko-ta-kwana su ne ƙarin da ake ajiyewa domin ranar da mota ta makara ko kasuwa ta yi zafi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa munanan abubuwa biyu da aka taɓa gani, a cire na yau da kullum. Jinkiri mafi tsawo kwana 7 ne, mako mafi ciniki kuwa katan 78 ne, wanda shi ma kwana 7 ɗin ne. Ke nan idan mota ta yi mafi munin jinkirinta a cikin mako mafi zafi, za a buƙaci katan 78 maimakon 50. Bambancin 28 ne, sai a cike shi zuwa 30.

A duba daga ina 28 ɗin ta fito, domin akwai abin lura a ciki. Katan 20 daga ciki na jinkirin kwana biyu ne, katan 8 kawai ne na hauhawar ciniki. Wato mafi yawan kuɗin da wannan shagon ke kwantarwa a sito, rashin tabbas ɗin mota ne ya jawo shi, ba halin masu saye ba. Da za a sami direban da ke tashi a tsayayyar rana, kayan su riƙa isowa a kwana 5 ba fashi, da ko-ta-kwana ta sauko ƙasa da katan 10. A ganina dilan da ke kawo kaya a kwana 5 kullum ya fi wanda ke kawowa yau a kwana 2, gobe a kwana 8, ko da matsakaicinsu ɗaya ne, kuma ko da na farkon ya ɗan fi tsada da naira hamsin a katan.

Wannan hanyar tana da iyaka. Ta dogara da lamba mafi girma da aka gani, saboda haka abu guda da ya faru sau ɗaya, kamar motar da ta lalace ta yi kwana 15 a hanya, zai iya kumbura ta. Irin wannan ana ware shi kamar yadda aka ware cinikin biki. Idan kuwa jinkirin yana dawowa duk damina saboda hanya, to na damina ne, a yi masa lissafin damina.

Mataki na huɗu: layin da idan kaya ya sauko kansa ake kira

Yanzu a haɗa biyun:

```
layin oda = (cinikin rana × kwanakin dila) + ko-ta-kwana
layin oda = (10 × 5) + 30 = 80
```

Duk ranar da taliya ta sauko katan 80, ranar ce ta kiran dila, ko da sito yana nan kamar a cike. Wasu sukan jera katan 80 ɗin a gefe guda su ja layi da alli a bango, yaron shago ya san cewa da ya taɓa wannan jerin sai ya faɗa. Dabarar tana da kyau, sai dai a riƙa juya jerin duk lokacin da sabon kaya ya zo, tsohon ya fito gaba, don kada katan ɗin ko-ta-kwana su shekara a kusurwa ɗaya har kwanan watansu ya ƙare ko ƙwari su shiga.

Layin oda yana amsa tambayar yaushe ne kawai. Kuma yawancin shaguna ba sa yin oda ga kaya ɗaya shi kaɗai, domin ba wanda zai ɗauki mota daga Kano saboda taliya; ana haɗa ta ne da sukari da madara da sabulu da magi a lodi ɗaya, a tsayayyen lokaci. Shagonmu yana yin haka duk bayan mako biyu. Ga irin wannan shagon, layin 80 ƙararrawa ce: idan aka taɓa shi da sauran kwanaki kafin ranar oda, an san akwai matsala, sai a gaggauta kira.

Mataki na biyar: nawa za a saro

Nan ne zuciyar lissafin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mai shago yakan ce tunda bayan mako biyu zai sake oda, kayan mako biyu yake buƙata. Amma odar da zai bayar bayan kwana 14 ba ranar za ta sauka ba, sai ta ƙara nata kwana 5. Saboda haka abin da ke hannu yau, haɗe da abin da za a saro yau, dole ya riƙe shago har ranar da kayan oda ta gaba za su sauka, wato kwana 19, ba 14 ba.

```
cikon sito = cinikin rana × (tazarar oda + kwanakin dila) + ko-ta-kwana
cikon sito = 10 × (14 + 5) + 30 = 220
oda = cikon sito − abin da ake da shi
```

Katan 220 shi ne mizanin da kowace oda za ta mayar da shago kansa. Saura a gano abin da ake da shi, kuma wannan ba shi ne abin da ido ya gani a sito ba. A ranar oda an shiga an ƙirga da hannu, an sami katan 95. Uku daga ciki ruwa ya taɓa su daga ƙasa, ba za su sayu ba. Goma sha biyu wani mai tireda ya riga ya biya kuɗinsu, ya bar su ajiya zai aiko a ɗauka, ke nan ba na shago ba ne. A ɗaya ɓangaren kuma akwai katan 20 da suka rage daga odar baya, dila ya tabbatar an loda su suna hanya. Lissafin ya zama 95, a cire 3, a cire 12, a ƙara 20, ya ba da 100. Oda ita ce 220 a cire 100, wato katan 120.

Mantawa da kayan da ke hanya yana sa a yi oda sau biyu a kan buƙata ɗaya, mantawa da kayan ajiyar mutane kuma yana sa a yi zaton akwai abin da babu. Sannan ana ƙirga kayan hanya ne idan an tabbatar sun taso. Alƙawarin baki na cewa za a aiko da ragowar ba ya shiga lissafi.

Yana da kyau a bi kwanakin a ga ko 120 ɗin ta riƙe. Daga katan 100, kwana 5 na jira ya ci 50, saura 50. Sabon kaya ya sauka, sito ya koma 170. Kwana 9 da suka rage kafin ranar oda ta gaba sun ci 90, saura 80. A ranar aka sake oda, 220 a cire 80, katan 140. Kwana 5 na jiranta ya ci 50, motar ta iso ana da katan 30, wato ko-ta-kwana tana nan ba a taɓa ta ba, tana jiran ranar da za a makara.

Yanzu a gwada na wanda ya lissafa kwana 14 kawai. Mizaninsa 140 ne da 30, wato 170, odarsa kuwa katan 70. Kaya ya sauka a rana ta biyar sito ya zama 120, a rana ta 14 saura 30, a rana ta 17 taliya ta ƙare, mota kuma sai rana ta 19. Ya yi kwana biyu babu kaya alhali dila bai makara ko da sa'a ɗaya ba, kuma mai yiwuwa dilan zai ɗora wa laifi.

Mai lura zai iya tambaya ko katan 30 da aka fitar don jiran kwana 5 za su isa kare kwana 19, tunda ciniki yana da ƙarin lokacin da zai hau. Tambaya ce mai kyau. A wannan shagon sun isa, saboda cinikinsa ba ya lilo sosai, kuma a cikin kwana 19 ranakun zafi da na sanyi suna rage wa juna kaifi. Lissafin ƙididdiga mai zurfi da ke neman a tsira a oda 95 cikin 100 yana ba da kusan katan 28 a kan waɗannan alƙaluman. A shagon da cinikinsa ke tsalle daga 40 zuwa 100 ba tare da wani dalili na musamman ba, sai an ƙara. Mai amfani da Excel zai iya zuba makonnin da aka gyara daga B2 zuwa B9 ya fitar da lambobin biyu da ake buƙata:

```
=AVERAGE(B2:B9)/7
=MAX(B2:B9)
```

Idan dila ya yi tayin ragi

Lissafi ya ce 120, sai dila ya ce idan aka ɗauki 300 zai sauke naira 200 a kowane katan. A ce katan yana naira 15,000, ribar shago a kansa naira 500. Ragin a kan katan 300 naira 60,000 ne, kuɗi ne na gaske. Amma ƙarin katan 180 ɗin sun ci kusan naira 2,700,000, kuma kayan kwana 18 ne da aka biya kuɗinsu tun kafin lokacin buƙatarsu. Tambayar ita ce me wannan kuɗin zai yi a cikin waɗannan kwanakin idan ba a sa shi a taliya ba. Idan daga kuɗin sukari da madara za a ɗebo shi, kuma su ma suna juyawa cikin mako biyu da irin wannan ribar, an bar kusan naira 90,000 don a kama 60,000, ban da masu sayen da za su zo neman sukari su tarar babu, su tafi da cinikin taliyarsu wani shagon. Idan kuwa kuɗin yana zaune ne ba ya aikin komai, sito yana da wuri busasshe, kwanan watan da ke jikin katan kuma yana da nisa, karɓar ragin daidai ne. Wanda ya karɓa sai ya tuna cewa a ranar oda ta gaba abin da yake da shi zai kai 260, ya haura mizanin 220, don haka a wannan zagayen ba ya sayen taliya ko katan ɗaya.

Haka nan batun sayen kaya da yawa saboda ana jin farashi zai tashi. Wannan shawara ce ta daban, caca ce a kan farashi, a rubuta ta daban a littafi. Idan aka cusa ta cikin lissafin oda, bayan wata uku ba wanda zai iya bambance abin da shago ke buƙata da abin da aka tara don tsammani.

Azumi da sauran lokutan da makonni takwas ba sa gani

Makonni takwas na baya suna faɗin gaskiya ne muddin gobe ta yi kama da jiya. Gab da azumi ba ta kama. A nan ana komawa littafin bara, amma ba don a kwafi adadinsa ba, domin shago ya iya girma ko ya ragu. Abin da ake ɗauka shi ne ninkin. Idan bara makonnin da suka gabaci lokacin suna cin katan 60, makonnin shirin azumi da farkonsa suka ci 84, ninkin 1.4 ne. A bana sai a ninka 10 da 1.4, cinikin rana ya zama 14. A kula cewa azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara a kalandar bature, saboda haka ana kwatanta Sha'aban da Sha'aban ne, Ramadan da Ramadan, ba Maris da Maris ba.

A irin wannan lokaci kowa yana oda, kasuwa tana cunkushewa, motoci suna wuya, don haka ya fi aminci a yi lissafi da kwana 7 maimakon 5. Ko-ta-kwana ita ma a ninka ta da 1.4, ta zama 42. Cikon sito ya koma 14 sau 21, wato 294, a ƙara 42, ya zama 336. Sabon mizanin yana fara aiki ne daga odar da kwanakinta 21 suka shiga cikin lokacin zafin, wato kusan mako uku kafin cinikin ya tashi, ba ranar da aka ga layi a bakin shago ba. Saukowa ma haka take: odar ƙarshe ta cikin azumi kayan bayan salla take saye, a mayar da ita kan mizanin 220, in ba haka ba za a shiga Shawwal da sito cike da kayan da za su yi wata guda suna jiran mai saye. Kowane kaya da nasa ninkin. Sukari da madara da man girki ba lallai su tashi daidai da taliya ba, wasu kayan ma sauka suke yi.

A garuruwan manoma, littafi yakan nuna wani sauyin da kaka, lokacin da sabon hatsi ya shigo gida, a garuruwan ma'aikata kuma makon albashi yakan fi sauran. Idan makon albashi ne ke ba da lamba mafi girma kowane wata, ba ko-ta-kwana ce za ta ɗauke shi ba, tunda an san ranar zuwansa; a ƙara shi kai tsaye a odar da kwanakinta suka rufe ƙarshen wata.

Ranar da kuɗi bai kai ba

Sau da yawa lissafin kaya goma sha biyar zai ba da jimillar da ta fi kuɗin da ke hannu. Yanke kashi ɗaya daga kowane kaya yana da sauƙi amma ba shi ne daidai ba. A raba abin da ake da shi na kowane kaya da cinikinsa na rana, a ga kwana nawa zai riƙe. Taliya mai katan 100 da 10 a rana tana da kwana 10, tana buƙatar 19, ke nan giɓinta kwana 9 ne. Sabulun da ke da kwana 17 giɓinsa kwana 2 ne, ana iya rage odarsa ko a bar shi ya ci daga ko-ta-kwanarsa. A fara cike manyan giɓi na kayan da ke jawo mutane shago, waɗanda idan babu su mai saye yake juyawa gaba ɗaya. Ƙananan kaya masu tafiyar hawainiya ba sa buƙatar wannan dogon lissafi ko kaɗan, layin alli a kan kanta ya wadatar musu.

Yadda ake gane lambobin sun tsufa

Akwai lamba ɗaya da ta isa ta nuna ko lissafin yana aiki: katan nawa suka rage a sito a ranar da mota ta iso, kafin a sauke sabon kaya. A rubuta ta a bayan rasit tare da kwanakin nan biyu. A shagonmu ya kamata ta riƙa yawo kusa da 30, wani lokaci 40, wani lokaci 12. Idan oda shida a jere ba ta taɓa sauka ƙasa da 45 ba, ko dai ciniki ya ragu ko dila ya gyaru, kuma akwai kuɗin aƙalla katan 15 da ke kwance ba dalili. A sake fitar da cinikin rana, a sauke mizanin. Idan kuwa ta taɓa sifiri sau biyu cikin oda goma, a duba rasit a ga wanne ne ya motsa. In kwanakin dila ne suka koma 6 ko 7, a gyara su a cikin lissafin, kowace rana ɗaya da ta ƙaru tana ƙara katan 10 a kan mizanin. In ciniki ne ya hau zuwa 12 a rana, mizanin ya zama 12 sau 19 da ko-ta-kwana 36, wato 264. In kuwa babu wanda ya motsa a cikin biyun amma kaya yana yankewa, to ƙirgar sito ce ba ta dace da littafi ba, sai a rufe ƙofa a ƙirga katan ɗaya bayan ɗaya, a kwatanta da rasit da littafin bashi da na ajiyar mutane kafin a sake kiran dila.